Sun iya rera alifun ba'un, amma ba su gane harafi ba

Assalamu alaikum Malama. Bara na yi sauka, sai aka ba ni ajin yara 'yan shekara shida a Islamiyyar unguwarmu a Kaduna, ranar Asabar kawai, daga ƙarfe 9 zuwa 11 na safe. Su 24 ne, kuma duk suna zuwa boko. Wata biyu ke nan muna kan haruffa. Suna rera alifun ba'un har ya'un ba tuntuɓe, amma da na nuna harafi ɗaya a tsakiyar allo sai su yi tsuru-tsuru. Shugaban makaranta ya ce in kawo tsarin darasi a rubuce, iyaye kuma suna tambaya yaushe za a fara karatu a littafi. Wallahi har na fara tunanin ajiye ajin. Ki taimaka mini da yadda zan tsara shi.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ajiye ajin nan. Wata biyun da kika yi ba su tafi a banza ba, domin kunnen yaran ya riga ya saba da sunayen haruffa 28, kuma wannan kansa guzuri ne. Abin da ya rage shi ne ido. Baki ya yi gaba ya bar ido a baya, aikinki yanzu shi ne ki tsayar da bakin har idon ya cim masa.

Asabar mai zuwa, kafin ki rubuta wa shugaba komai, ki fara sanin inda kowane yaro yake. Ki samo kwalin da masu kanti ke zubarwa, ki yanka shi guda 28, kowanne kamar faɗin tafin hannunki biyu, ki rubuta harafi ɗaya a kan kowanne da alƙalami mai kaurin baki, ɗigon ya fito ɓaro-ɓaro. Ki ba sauran yara abin da za su kwafa, ki riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya kina nuna musu katuna shida na farko a hargitse. Minti ɗaya ya ishi kowane yaro. Ki kalli leɓensa da idonsa. Wani zai faɗa nan take, wannan ya gane. Wani za ki ga leɓensa na motsi a hankali, yana farowa daga alif yana ƙirgawa har ya iso inda yake zaton harafin yake. Wannan matsayin harafin ya haddace, bai san fuskarsa ba. Wani kuma ko katin ba zai kalla ba, fuskarki zai zuba wa ido yana jiran ki fara ya amsa. Ki ja layi a takarda, sunayen yara a gefe, haruffa a sama, ki sa alama a duk wanda yaro ya faɗa ba jinkiri. Takardar nan ita ce za ta riƙa gaya miki yaushe za ki ƙara sabon harafi, yaushe za ki dakata.

Kada ranki ya ɓaci idan kika tarar yawancinsu alif kawai suka sani. Haka na tarar da nawa ajin farko, bayan na yi makonni ina jin daɗin yadda muryarsu ke cika unguwa.

Babban abin da ya bambanta ajinki da makarantar allo shi ne kwana shidan da ke tsakanin Asabar da Asabar. Almajiri yana ganin babbaƙunsa safe da yamma, har Laraba, don haka ko da rerawa ya fara, yawan kallon allon yana shigar masa da siffar harafin. Naki yaron zai ga harafin ba yau, sannan ya kwana shida yana rubuta ABC daga hagu zuwa dama, ya dawo miki kusan fanko. Saboda haka ba za ki ɗauki saurin tsangaya ki ɗora wa ajin Asabar ba. Harafi biyu sababbi a rana sun isa. Ki yi Asabar uku kina ƙarawa, ta huɗu ba sabon komai, bita ce zalla. In kika bi haka za ki gama haruffan cikin Asabar 18, ki ƙara ɗaya ta gwaji ta zama 19, wato kusan zango biyu idan aka haɗa da hutu da ranakun salla. Wannan lissafin ki rubuta wa shugaba, shi ne kuma amsar iyaye. Ki bi jerin da ke cikin littafin makarantarku, kada ki sauya shi, don abin da yaro zai gani a gida ya yi daidai da na aji.

Awa biyu gare ki. Ki ba haruffa awar farko tun kan yara da sanyi, a sha iska kaɗan, sannan hadda da addu'o'i su ci sauran lokacin, tunda su da baki ake yin su kuma yaro na iya yin su ko ya fara gajiya.

Bari in bi da ke ta Asabar ta biyu, ranar haruffan ta da sa mai ɗigo uku, domin ita ce ta fi ba da wahala a farkon tafiya, kuma in kika iya ta kin iya sauran. Yara sun zo da alif da ba daga makon jiya.

Minti goman farko na bita ne, kuma ba da rerawa ba. Ki ɗaga katin ba, ki ɗaga alif, ki sake ɗaga ba sau biyu a jere don ki kama masu canki. Kada ki bari aji duka ya amsa a kowane lokaci, domin yara uku ko huɗu masu kaifi ne za su faɗa, sauran su bi bayansu da rabin daƙiƙa, ke kuma ki ji kamar kowa ya iya. Ki ce layin baya kaɗai, ko 'yan mata kaɗai, ko ki kira suna. Ki kuma juya tambayar: ki ajiye katunan a tabarma ki ce wa yaro ya ɗauko miki ba. Ɗauko harafi ya fi faɗin sunansa sauƙi, don haka yaron da ya kasa faɗa yakan iya ɗaukowa, ya koma wurin zamansa da farin ciki maimakon kunya.

Minti goma na biyu na ta ne. Ki zana jikin harafin a allo babba, ba ɗigo, ki tambaye su da me ya yi kama. Za su ce kwano, ko kwale-kwale, ko akushi. Ki karɓi wanda suka fi so ki riƙe shi har ƙarshen zango. A ce kwano ne. Ki sa ɗigo ɗaya a ƙasa, su ce ba. Ki goge ɗigon su gani da idonsu, ki sa biyu a sama, ki ce wannan ta ne. Gogewar nan a gabansu ita ce darasin, domin a nan yaro ke gane cewa jiki ɗaya ne, ɗigo ne ke sauya suna. Haruffa 15 cikin 28 masu ɗigo ne, kuma yaron da ya koyi tambayar kansa "ɗigo nawa, sama ko ƙasa?" a yau, zai wuce jim da 'yan uwansa, da sin da shin, ba tare da kin sha wuya ba.

A nan kuma ki raba musu suna da sauti. Rerawar alifun ba'un ta'un tana koyar da suna ne kawai, shi ya sa idan aka zo haɗa baƙi sai yaro ya ga jim da fataha ya ce "jimun" maimakon "ja". Ni nakan tambaye su sunan dabbar da ke ɗaure a gidansu, su ce akuya, in ce yaya kukanta, su ce mee. To haka harafi, yana da suna yana da kuka. A haruffan ba da ta bambancin ba ya fitowa sosai, amma ki dasa maganar tun yanzu, za ki ci ribarta mako mai zuwa a kan jim. Ki nemi sunan wani a ajin ko a gidajensu da ya fara da sautin: Bashir da Bilkisu na ba, Tijjani na ta. Yaron da aka ce harafin sunan yayansa ne ba ya mantawa da shi.

Sai minti goma sha biyar na rubutu, kuma ba a littafi za a fara ba. A fara a iska da yatsa. Ga wani kuskure da na daɗe ina yi ban sani ba: idan kina fuskantar yara kina zana harafi a iska, damarki hagunsu ce, sai su kwaikwaye ki a juye. Ki ba su baya, ki ɗaga hannu sama yadda za su gani, ki waiwayo kina duba su. Daga nan a koma yashi. Tire shida ko faifai shida da yashi mai laushi sun isa, yara huɗu a kowanne. Yaro ya zana kwanon da yatsa, sannan ya ɗora marfin kwalbar lemo a matsayin ɗigo. Marfin kwalba nake cewa musamman, kada ki yi amfani da wake ko tsakuwa, domin ɗan shekara shida zai iya cusa su a hanci ko kunne kafin ki juyo. Ki ce ba, ya sa marfi ɗaya a ƙasa. Ki ce ta, ya ɗauke ya sa biyu a sama. Kina zagayawa kina ganin kowa a lokaci guda, ba wanda zai ɓuya a bayan muryar wani. Haruffa guda-guda kawai za a rubuta a yashin, ba aya ba, ba sunan Allah ba, kuma ki koya musu shafewa da tafin hannu, a mayar da yashin cikin bokiti, ba a taka shi ba.

Idan aka koma littafi, layi biyu sun isa. Tun da 'yan boko ne, hannunsu zai ruga hagu da kansa. Kada ki tsaya faɗin dama da hagu, da yawansu ba su gama rarrabe su ba tukuna. Ki sa ɗan jan ɗigo a gefen dama na kowane layi ki ce daga nan mota ke tashi. Haka ma a allon bango, ki manna wata alama a kusurwar dama ta zauna can dindindin. Yaron da ya fara kwanon daga hagu zai fitar da siffa daidai a yau, shi ya sa ake saurin ƙyale shi, amma ranar da aka zo haɗa haruffa zai rasa ta inda zai ja layin. Don haka hannun za ki kalla yana tafiya, ba abin da ya gama rubutawa kawai ba.

Zuwa yanzu sun fi rabin awa, ƙafafunsu sun fara ƙaiƙayi. Ki tashe su na minti goma. Ki manna alif a bango ɗaya, ba a na biyu, ta a na uku. Ki ɗauki yara shida-shida, ki faɗi harafi su taka zuwa bangonsa. Wanda ya tsaya yana jiran ya ga inda sauran suka nufa, ki riƙe sunansa a ranki, ba sai kin yi masa magana a gaban mutane ba. In ɗakin ya yi ƙunci, su tsaya a inda suke: ba, a dafa gwiwa da hannu ɗaya, ta, a ɗaga hannu biyu sama.

Bayan sun zauna sai ki kawo sa mai ɗigo uku, minti goma. Siffarsa ba za ta ba su wuya ba, ƙara marfi ɗaya ne a kan biyun. Furucin ne aiki, domin babu sautin a Hausa. Mu mun mayar da shi sa, wasu tsofaffin alarammomi kuma ca suke cewa. Sani da Salisu da wannan harafin suka fara a Larabci, Sadisu da Sabi'u kuma da sin, amma a bakinmu duk sun zama ɗaya. Ki nuna musu kan harshe yana taɓa bakin haƙoran gaba na sama, ya ɗan leƙo waje, a hura iska. Za su yi dariya, su zaro harshe har haɓa, ki bar su su yi, sannan ki ce a mayar da shi saura ɗan kaɗan. Sai dai ki duba bakinsu kafin ki matsa wa kowa. Shekara shida lokacin famfara ne, kuma yaron da haƙoransa na gaba suka zube ba shi da inda zai jingina harshen. Na taɓa tsare wata yarinya kusan minti biyar ina maimaita mata, idonta ya cika da hawaye, sai da ta buɗe baki sosai na ga wawulo ne fal a gaba. Tun ranar, wanda ke famfara ina karɓar ƙoƙarinsa, in dai ya gane harafin da ido, furucin ya jira haƙori.

Wannan ba ya nufin ki saki furuci. Ke dai naki ya fita daidai kowane lokaci, domin abin da kunnensu ya sha shi bakinsu zai zubo daga baya. Inda Bahaushe ke tuntuɓe sananne ne, kalmomin da muka aro ma sun nuna shi: alƙali da alwala da lalura sun nuna yadda muka mayar da harafin dad mai nauyi lam, ɗalibi da ɗawafi sun nuna yadda muka mayar da ta mai kauri ɗa. Ha uku na Larabci a bakinmu ɗaya ne, haka za uku. Duk Asabar da irin waɗannan za su zo, ki je wurin wanda ya fi ki tajwidi tun ranar Juma'a ya saurare ki.

Minti biyar na ƙarshe ki haɗa katuna huɗun ki hargitsa, ki tambayi yara shida, ki cika takardarki. Mako mai zuwa wasu shida, ta yadda kowane yaro zai zo hannunki sau ɗaya a wata. Idan a bitar safe kika ga fiye da kashi ɗaya cikin uku, wato sama da yara takwas a ajinki, sun kasa haruffan makon jiya, ranar ba sabon harafi, ko da tsarin da kika ba shugaba ya ce akwai. Ki rubuta wannan sharaɗin a cikin tsarin tun farko don kada ya zama abin musu daga baya.

Saura kwana shidan nan. Kowane yaro ya tafi gida da 'yar takarda mai haruffan ranar, manya, a manna ta inda yake cin abinci. Ki tura wa iyaye saƙon murya na rabin minti kina furta haruffan, ki roƙe su minti biyar bayan magariba, sau uku a mako. Ki gaya musu takamaimai abin da za su yi: su nuna harafi a hargitse su tambaya, kada su ce "karanta mini alifun ba'un", domin zai rera musu tas su ɗauka an gama. Za ki samu iyaye ko kakannin da suka yi karatun allo, yaro ya dawo ya ce Baba ya ce sunansa ba guje, ko ha ƙarami, ko sodi. Kada ki ce Baba ya yi kuskure, bai yi ba. Sunayen da malamanmu suka raɗa wa babbaƙu ne don su bayyana siffarsu, kuma da su aka yaye mahaddata ba adadi. Ki ce wa yaron harafin suna biyu gare shi, na gida da na makaranta, kamar yadda shi ma yake da su. Inda za ki yi hattara shi ne idan kun iso fa da ƙaf. A rubutun Warshu da aka saba da shi a allo, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. A rubutun Hafsu da yawancin Islamiyyu ke bi, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Wato abin da ke fa a littafinki, ƙaf ne a idon kakan yaron. Makon ki faɗa wa iyaye wannan a saƙonki tun kafin yaro ya rikice tsakanin manya biyu.

Idan bayan Asabar huɗu akwai yaron da har yanzu ba ya rarrabe ba da ta, alhali yana ƙoƙari, kafin ki ce ba ya ja ki dawo da shi layin gaba ki gani. In yana gane katin a hannunsa amma ba ya gane shi a allo, ko yana ƙanƙance ido, ki gaya wa mahaifiyarsa a duba masa ido. In kuma sai ya kalli bakinki yake gane abin da kika ce, a duba kunne. Bulala ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma yaron da aka daka a kan ɗigo canki zai koya, ya riƙa faɗin duk abin da ya zo bakinsa da sauri don a wuce kansa.

Kada ki jira sai an gama haruffa 28 kafin yara su ɗanɗana karatu. A Asabar ta huɗu, ranar bita, ki shigo da fataha, wasalin sama, ita kaɗai, kasra da rufu'a su jira. A Asabar ta shida za ki kai ra. Ranar ki jera katin dal, da ra, da jim daga dama, kowanne da fataharsa. Dal da ra suna cikin haruffa shidan da ba sa haɗuwa da na bayansu, su ne alif, dal, zal, ra, zai da wau, don haka kalmar za ta fito da siffofin da yara suka riga suka sani, ba wanda ya sauya kama. Ki sa yatsa a ƙarƙashin na farko, da. Na biyu, ra. Na uku, ja. Ki sake bi da ɗan sauri, ke kuma ki yi shiru. Wani daga cikinsu zai ɗago kai ya ce "daraja!", domin kalma ce da yake ji a gida. Mako na gaba, da sin ya shigo, ki cire jim ki sa shi a wurin, su karanta darasa da kansu. Waɗannan katuna ukun za ki ba kowane yaro ya kai gida ranar, ki ce ya jera su a gaban mahaifinsa ya karanta masa.